Sa Hannun Ingarma

Maman 'Yan Biyu tana jera burodi mai zafi a kan teburin gidan burodin da take aiki lokacin da wayar mijinta ta yi ƙara a aljihun rigar aikinta. Tun da ciwo ya kwantar da shi wayar take hannunta, don ya ce ya gaji da masu kira suna tambayar ya jiki. Ta goge hannu ta duba. Saƙon banki ne, wai an cire kuɗin wata na gidan motsa jiki.

"Kai jama'a!" ta ce da ƙarfi, har wata mai sayen burodi ta juyo.

Gidan motsa jiki kuma? Mutumin da ko maɓallin rigarsa sai an ɓalla masa? Ta ja saƙonnin baya da yatsa, sai ga irinsa a watan jiya, ga wani a watan da ya gabace shi. Duk sun shige cikin tarin saƙonnin kuɗin asibiti da na magani, ba ta lura ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, a wannan asusun take tara kuɗin gashin ƙashi, wanda likita ya ce in ba a yi shi a kan kari ba hannun zai sandare. Abin da aka cire yau ya isa zuwa gashi sau biyu.

Mijin nata mai aikin lantarki ne, kowa kuma Ingarma yake kiransa, ba don wasa ba. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, wanda yake ɗaukar tsani da hannu ɗaya kamar ya ɗauki tsintsiya. Shekara da shekaru, in ya tashi daga aiki sai ya biya gidan motsa jiki ya ɗaga ƙarafa kafin ya zo gida, yana fito, yana cika mata falo da ƙanshin man zafi. Rana ɗaya yana ɗaure igiyar takalmi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, bakin ma ya miƙe, amma hannun yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Gashin ma sai ta yi da gaske yake zuwa, in ya je kuma ya zauna ya haɗe rai kamar an kai shi kotu.

Ita fa a saninta an daɗe da rufe maganar gidan motsa jiki. Suna asibiti Koci, mai horar da su, ya zo dubiya da ledar lemo. Ta raka shi bakin ƙofa ta ce masa, "Ka ga dai halin da ake ciki, ba zai iya zuwa ba yanzu." Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Mama, kar ki damu, duk mun sani." To, mutum ya dafa ƙirji ya ce kar ka damu, me ya rage? Ta ɗauka magana ta ƙare.

Ta kira ƙanenta, wanda ake ce wa Lauya. Ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa takawa ba, kayan gyaran mota yake sayarwa, tsabar gardama ce ta ja masa sunan tun yana yaro.

"Yaya, wannan ai sata ce da tsakar rana!" in ji shi. "Ki tafi banki yanzu-yanzu a toshe katin. Mu ga ta inda za su cira."

Ba ta tafi banki ba. Da aka tashi daga aiki ta wuce gidan motsa jikin, karon farko a rayuwarta. A saman wani kantin sayar da katifa yake, sai an hau bene mai tsawo. Tun daga matakala take jin kiɗa da ƙarar ƙarafa. Ta isa sama tana haki, ta ce a ranta, wannan hawan kaɗai ai ya isa motsa jiki, kuɗin me ake biya kuma?

A bayan tebur akwai wata mata siririya mai tabarau, ita ce Manaja. Maman 'Yan Biyu ta zo da faɗanta a baki, ta zazzage shi tas. Manaja ba ta katse ta ba. Da ta gama, ta miƙo mata ruwa a kofin roba, ta juyo da fuskar kwamfuta.

"Mama, Allah ya ba shi lafiya. Wallahi ban san abin ya kai haka ba. Amma kin ga, Koci horarwa ce aikinsa, ba ya taɓa lissafi. Na'ura ce take cira duk wata daga katin da aka ba ta, kuma ba ta tsayawa sai an rubuto mana a takarda."

"To ni yanzu na faɗa miki da bakina."

"Na ji, amma baki ba ya shiga fayil. Kuma rajistar da sunansa take, shi ne zai sa hannu."

"In na toshe katin fa?"

"Kuɗin ba za su fita ba, amma yarjejeniyar tana nan da ranta. Duk wata na'ura za ta rubuta masa bashi, har da tarar jinkiri. Don Allah kar ki yi haka."

Ta fito da kwafin yarjejeniyar, ta sa biro a ƙarƙashin wani layi mai ƙananan rubutu. A ƙa'ida, mai son fita notis ɗin wata guda yake bayarwa, a cire masa na wannan watan sannan a rufe. Amma in rashin lafiya ce, aka haɗo da takardar likita, to a ranar da wasiƙar ta iso ake tsayar da cira. Maganar mayar da kuɗi kuwa ba dole ba ce a kansu, roƙo ne, ofishin lissafi ke duba shi.

"Na watannin baya, gaskiya kar in yaudare ki, da wuya," in ji Manaja. "Amma na ƙarshen nan ku nema a cikin wasiƙar. Katinsa na shiga zai nuna bai tako nan ba tun da ya kwanta, zan haɗa musu da wannan. Ku dai kawo kafin ranar cira ta gaba."

A ƙasan takardar Maman 'Yan Biyu ta hango sa hannun mijinta na wancan lokacin, babba, mai wutsiya doguwa da ta ƙetare layi ta kusa fita daga takardar. Sai da ta kau da kai.

Takardar likita ba ta ba ta wahala ba, ranar da suka koma ganin likita ta roƙa, aka rubuta aka buga hatimi. Wasiƙar ce ta so ta zama rigima, don Lauya ya ce shi zai tsara. Ya zo da yamma ya baje a kan tabarmar falo, ya cika shafi biyu da "ina gargaɗinku" da "za mu haɗu a gaban alƙali" da "duniya za ta ji".

"Kai, roƙo aka ce mu yi, ba yaƙi ba," ta ce. "Matar nan har ruwa ta ba ni."

"Yaya, ba ki san mutanen nan ba. In ba ka nuna musu haƙori ba…"

"Mayar da haƙoranka. Rubuta abin da zan faɗa maka."

Yana ƙunƙuni ya rubuta, washegari aka buga a shagon kwamfuta. Bayan kwanan wata da cikakken suna da lambar rajista, ga abin da ta ƙunsa:

"Zuwa ga Manaja. Ina sanar da ku cewa na soke rajistata daga ranar da wannan wasiƙa ta iso gare ku, saboda rashin lafiya, kamar yadda yarjejeniyarmu ta ba da dama. Takardar likita tana haɗe. Ina roƙon ku daina cire kuɗi daga katina. Ina kuma roƙon ku mayar mini da kuɗin da aka cire na wannan wata ta katin da aka cire su, domin ban yi amfani da wurin ba tun da na kwanta. Don Allah ku ba ni shaida a rubuce cewa an soke. Na gode."

A ƙasa aka bar fili, inda za a sa hannu.

Ingarma yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, inda yake wuni yana kallon wayoyin wutar da ke kan titi yana kushe aikin waɗanda suka ja su. Ta ajiye masa takardar a kan ƙaramin tebur, ta ɗora biro. Ya karanta har ƙarshe, ya sake karantawa. Sannan ya ture ta da bayan hannun hagu.

"Ba zan sa ba."

"Baban 'Yan Biyu, kuɗin gashinka ne fa suke tafiya."

"Wa ya ce miki na daina zuwa? Hutu nake yi."

"Hutun da ake biya duk wata? Ni ina tsaye tun asuba gaban tanda, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na'ura tana kwashewa?"

Tana faɗa ta yi da-na-sani, don ta ga yadda fuskarsa ta canja. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mata sauƙi.

"Kin karɓi wayata, na yi shiru. Kwastomomina sun koma wajen wasu, na yi shiru. Babur ɗina yana gidan ƙanenki. Wuri ɗaya ya rage a garin nan da sunana yake rubuce a matsayin mai ƙarfi, shi ma kin kawo mini takarda in rubuta cewa na ƙare."

"Ba haka takardar ta ce ba."

"Haka na karanta."

Ta shige kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, ga tsoro a kan duka biyun. Kuɗin sun dame ta, amma abin da ya fi cin ranta shi ne mutumin ya zauna. Yana riƙe da katin gidan motsa jiki a aljihu kamar laya, alhali ƙwallon robar da mai gashi ta ba shi ya riƙa matsawa tana ƙarƙashin kujera ta yi ƙura.

Kwanaki suka ja, takardar tana kan tebur, kofin shayi har ya yi mata zobe a gefe, sai da aka sake bugo wata. Ranar cira tana matsowa. Lauya ya zo ya same ta a bakin ƙofar gidan burodi, ya rage murya kamar mai sayar da kayan sata.

"Yaya, ke ma da wahalar da kai kike. Ba ga kwafin yarjejeniyar a hannunki ba? Ki kalli sa hannun ki zana irinsa. Wa zai sani? Ko ki ba ni, minti ɗaya."

"Ka ga abin da ya sa ba a ba ka rigar lauya ba."

Ta dai kore shi, amma maganar ta bi ta har cikin shago. Da cinikin rana ya lafa ta ɗauki biro, ta gwada a bayan takardar naɗe burodi. Abin haushi, ya yi kama, har wutsiyar. Ta tsaya tana kallonsa. Ita ke ɓalla masa maɓalli, ita ke yanka masa nama a faranti, ita ke amsa gaisuwar da aka yi masa. In ta sa masa hannu kuma, me ta bar masa? Ta dunƙule takardar ta jefa a kwandon shara.

Ran nan ba ta jira lokacin tashi daga aiki ba, ta roƙi mai gidan burodin ya sallame ta da wuri, da niyyar ta je ta lallaɓa shi ko da za ta durƙusa ne. Ta tura ƙofar gida a hankali don lokacin barcinsa ne. Sai ta ji wani ɗan nishi daga falo.

Ta leƙa ta gefen labule. Ingarma ya jawo akwatin kayan aikinsa, wanda ba a buɗe ba tun ranar da abin ya faru. Ya ɗauko baƙin tef ɗin nan da suke naɗe waya da shi, ya naɗe biro da shi, naɗi a kan naɗi, har biron ya yi kauri kamar mariƙin sukundireba. Ya cusa shi cikin yatsun hannun dama, ya danne tsohuwar jarida da gwiwar hannun hagu, yana ja. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Biron ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya sake cusawa.

Ashe abin biyu ne. Ba ya son ya sa, kuma yana tsoron ba zai iya ba.

Ta so ta ruga ta riƙe masa jaridar. Ƙafarta har ta ɗaga, ta mayar da ita. Ta koma da baya, ta fita, ta zauna a kan dakalin maƙwabta kamar baƙuwa, tana share ido da gefen mayafi. Sai da lokacin dawowarta na kullum ya yi ta shigo da sallama mai ƙarfi, tana buga ƙofa. Ta tarar akwatin ya koma mazauninsa, shi kuma yana kallon taga. Baƙin tawada ne kawai a gefen yatsansa.

Haka aka yi ta yi. Jaridun gidan suna ƙarewa, ita kuma tana kawo wasu daga shago tana ajiyewa kamar mantuwa ta yi. Ƙwallon robar ma ta lura ta fito daga ƙarƙashin kujera, an goge ta.

Ana gobe ranar cira, da safe, ya ce, "Maman yara, ɗauko mini farar rigata. Kuma ki kira wannan lauyan bogin ya zo da mota."

"Ina za mu?"

"Takardarki za mu kai."

"Ka sa hannun ne? Kawo in kai, benen nan fa…"

"Ni na kai kaina ranar da na shiga. Ni zan kai kaina in fita."

A mota Lauya bai rufe baki ba, yana ta tsara abin da zai faɗa in suka ƙi. Da suka isa, ya kalli benen ya kalli surukinsa, ya ce, "Yaya Ingarma, ko in goya ka?"

"Ka goya ni? Kai da iska take kaɗawa? Zauna ka yi gadin motarka."

Ƙarfen riƙewa na benen a hannun dama yake in ana hawa. Maman 'Yan Biyu ta ga ya tsaya yana dubansa. Ya miƙa mata sandarsa, ya kama hannun dama da na hagu ya ɗora shi a kan ƙarfen, yatsun suka lanƙwashe a kai. Ya ɗaga ƙafar hagu, ya jawo ta dama. Tana bayansa, hannuwanta a buɗe. A tsakiya ya tsaya ya huta, wani saurayi mai jaka a kafaɗa ya taho da gudu zai wuce, da ya ga ko wane ne sai ya ja birki ya koma sama yana kiran Koci.

Kafin su ƙarasa an rage kiɗa. Koci yana tsaye a bakin ƙofa, da wasu ƙarti masu tawul a wuya, sun yi cirko-cirko ba su san ko su taimaka ko su bari ba.

"Me kuke kallo?" in ji Ingarma yana haki. Ya nuna ɗaya daga cikin ƙartin. "Kai, har yanzu da bayanka kake ɗaga ƙarfe? Tun daga ƙasa nake jin kukan ƙugunka."

Dariya ta ɓarke, aka yi ta miƙo hannu. Koci ya zo gaban Maman 'Yan Biyu yana sosa ƙeya.

"Mama, Manaja ta gaya mini. Wallahi na ɗauka gaisuwa kawai muke yi ranar nan. Da na sani da na ce ki rubuto."

"Ai ka ce kar in damu," ta ce. "Ga shi kuwa ban damu ba, wata uku."

Manaja ta kawo kujera. Ta karɓi wasiƙar da takardar likita, ta karanta, ta duba katin shaidarsa. Filin sa hannu yana nan fari. Ta ɗago ta cire tabarau.

"Baba, kafin ka sa, akwai wata hanya, haƙƙinka ne in gaya maka. Muna iya dakatar da rajistar na wata uku maimakon sokewa. Ba za a ciri cikakken kuɗi ba, sai ɗan abin riƙe gurbi. Sunanka yana nan, lokar ajiye kayanka tana nan. In watannin suka cika, cira ta ci gaba da kanta. Sai dai in dakatarwa ce, maganar mayar da na wannan watan ba za ta taso ba."

Maman 'Yan Biyu ta dubi Manaja. Wayyo, wannan mata, da alherinta za ta rushe komai! Ga ƙofa an buɗe masa ya koma kujerar taga da katinsa a aljihu. Ta kalle shi. Shi kuma yana kallon cikin zauren, inda ƙarafan suke jere a kan maratayinsu, da bencin da ya fi so a kusa da madubi. Ya daɗe yana kallo. Ta cije leɓe, ta rantse a ranta ba za ta sa baki ba.

"Wata uku," ya ce a hankali. "'Yata, likita ya ce wannan aikin ya fi wata uku. Na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba." Ya gyara zama. "A soke. Akwai inda ake jirana da kuɗin nan. In na dawo, na cike sabon fom, ku ba ni rangwamen sabon shiga."

"Da hannuna zan ba ka," in ji Manaja. Ta miƙo masa biro. "In hannun bai yi ba, akwai tawadar dangwale, ba komai."

"Riƙe abinki. Na zo da nawa."

Ya zaro biron nan mai baƙin tef daga aljihu. Wani daga cikin ƙartin ya fara dariya, Koci ya zungure shi. Ingarma ya cusa biron cikin yatsun dama. Takardar ta fara zamewa a kan teburin. Bai ɗago ba ya ce, "Maman yara, danne mini nan."

Ta danne gefen takardar da tafin hannu. Tana jin rawar hannunsa ta cikin teburin. Harafin farko ya fito a karkace, na biyu ya hau kansa. Ya tsaya, ya ja numfashi irin wanda yake ja in zai ɗaga babban ƙarfe, ya ci gaba. Babu mai motsi a wurin, sai injin gudu guda da aka manta a kunne yana ta juyawa shi kaɗai. Da ya kai ƙarshe ya ja wutsiyar. Gajeriya ce, tana rawa, amma ta ƙetare layin.

Manaja ta ɗora shi kusa da na cikin fayil. Ko makaho ya san ba su yi kama ba. Ta rubuta a gefe cewa a gabanta mai rajistar ya sa hannu, ta ga katin shaidarsa, ta sa nata hannun. Ta yi kwafi, ta buga hatimin "an karɓa" da kwanan wata a kan duka biyun. Sannan ta shiga kwamfuta, ta juyo musu da fuskarta su gani da idonsu an cire katin daga jerin masu biya.

"Gobe ba abin da zai fita. Saƙon shaida zai shigo wayarsa yau. Roƙon mayar da kuɗin zan tura yanzu da bayanin katin shigarsa. In sun amince, ta katin zai dawo, yakan ɗauki kamar mako biyu. Ban yi alkawari ba, amma zan bi shi. Wannan kwafin ku adana shi da kyau."

Saura makullin loka. Koci ya raka shi ya kwashe kayansa: tawul da ya bushe ya ƙandare, bel ɗin ɗaure ƙugu, kwalbar man zafi, da wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake matsawa a tafin hannu. Bel ɗin ya ba wa mai ɗaga ƙarfe da baya. Ɗan ƙarfen ya jefa a aljihu.

A bakin bene Maman 'Yan Biyu ta miƙa hannu za ta karɓi takardar ta sa a jaka, kamar yadda ta saba karɓar komai.

"Bari," ya ce. "Tawa ce."

Ya ninke ta a kan ƙirjinsa ya sa a aljihun farar rigar. Sannan ya miƙo tafin hagu. Ta ɗauka sandarsa yake so, ta miƙa masa. Ya girgiza kai.

"Wayata."

Ta ciro ta daga jaka ta ba shi.

Kuɗin sun fi mako biyu ba su dawo ba, Lauya har ya fara wasa haƙoransa. Ran nan da hantsi tana jera burodi wayarta ta yi ƙara, tata ta kanta. Ingarma ne. Ta ɗauka ta ji hayaniyar ɗakin gashi a bayansa, da muryar mai gashin tana cewa wani ya ƙara ɗagawa.

"Maman yara, alat ya shigo. Sun mayar."

"Alhamdulillahi! To bari in na tashi in biya in…"

"Na riga na biya na mako mai zuwa. Sun ba ni rasit, wai in sa hannu. In za ki taho, ki sayo mini tef. Wancan ya ƙare."